Rabon Ladan Ciniki Tsakanin Tallace-tallacen Intanet

Da wuya mai saye a intanet ya biya kuɗi a ranar da ya fara ganin talla. Yakan ga bidiyon kaya a YouTube yau, bayan kwana uku ya danna wani talla a Facebook, sai ranar da ya shirya saye ya rubuta sunan shagon a Google ya shiga. Ciniki ɗaya ne, amma hanyoyi uku ya ratsa, kuma mai shago yana biyan kowacce kuɗi. Dole ne a san wadda za a rubuta wa cinikin, domin da wannan lissafin ake raba kasafin talla na wata mai zuwa.

Tsohon tsari, wanda ake gani a allo da sunan "Last click", yana bai wa dannawar ƙarshe lada gaba ɗaya. Kamar dillalai uku ne suka sha wahalar jawo mai saye, amma wanda aka yi sallama a gabansa ya kwashe la'ada shi kaɗai. Tsarin yana da sauƙin fahimta, kowa na iya bin diddigin lissafinsa. Aibinsa shi ne yana kumbura hanyoyin da ke bakin ƙofar ciniki, musamman tallan da ke fitowa idan an nemi sunan shago, yana kuma danne waɗanda suka fara gabatar da kayan. Kamfanin eBay ya gwada wannan a 2012: ya dakatar da tallan da ke fitowa ga masu neman sunansa, sai ya ga kusan dukkansu sun iso ta sakamakon bincike na kyauta. Ashe kuɗi yake biya a kan mutanen da dama can suna tafe.

Tsari na biyu, "Data-driven", yana kwatanta hanyoyin da masu saye suka bi da na waɗanda ba su saya ba, don ya gano yadda kowane talla ya ƙara yiwuwar ciniki. Tushen tunanin yana komawa ga lissafin da Lloyd Shapley ya fitar a 1953 kan yadda za a raba riba tsakanin abokan haɗin gwiwa gwargwadon abin da kowa ya ƙara.

A ɗauki misalin mai sayar da takalma. A cikin mutum 1,000 da suka shigo ta binciken Google kaɗai, 20 sun saya. A cikin wasu 1,000 da suka fara danna tallan bidiyo kafin su zo ta binciken, 30 sun saya. Ke nan a rukuni na biyu, ciniki 10 cikin 30 ƙari ne da bidiyo ya kawo, wato kashi ɗaya bisa uku. Idan takalmin naira 30,000 ne, tsarin dannawar ƙarshe zai rubuta wa bincike 30,000, bidiyo kuwa ko sisi. Tsari na biyu, idan aka sauƙaƙa lissafinsa, zai ba bidiyo kusan 10,000, bincike 20,000. Shi ya sa rahoton yake nuna gutsuren ciniki, kamar 0.33. Kuɗin da ya shiga aljihu bai ƙaru ba, rabon ne ya sauya. Amma mai shagon da ya dubi rahoton farko zai kashe tallan bidiyo, bayan makonni ya rasa dalilin raguwar masu neman sunan shagonsa.

Google ya karkata ga tsari na biyu. A 2021 ya mayar da shi zaɓin farko a Google Ads, a 2023 kuma ya cire tsare-tsare huɗu, ciki har da mai bai wa dannawar farko lada da mai raba shi daidai wa daida.

Duk da haka sabon tsarin yana da iyaka. Abin da ya gani kawai yake raba wa lada. Tallan rediyo, ko ƙawar da ta yaba kayan a gidan biki, ba sa shiga lissafi. Tun 2021 da Apple ya wajabta wa manhajoji neman izini kafin bin sawun masu iPhone, hanyoyi da yawa suna yankewa a tsakiya. Yana kuma bukatar ciniki mai yawa, domin shagon da ke sayar da kaya goma a wata ba shi da abin kwatantawa, kuma rabonsa zai riƙa tsalle daga wata zuwa wata. Mafi muhimmanci, yana iya yiwuwa masu danna bidiyon dama sun fi sha'awar takalmin, don haka ƙarin cinikin ba duka aikin bidiyon ba ne. Sannan kamfanin da ke sayar da tallan shi ne ke auna shi, kuma ba ya buɗe cikakken lissafinsa.

Hanyar tantancewa ita ce gwaji irin na eBay: a dakatar da talla ɗaya a wani gari, a bar shi a wani gari makamancinsa na wasu makonni, a kwatanta cinikin biyun. Idan ciniki bai ragu ba a garin da aka dakatar, ladan da rahoto ke bai wa wannan talla ya wuce aikinsa, kuma ya kamata a rage masa kasafi.