Takardar Wakilci: Iyakar Ikon Wakili da Ranar da Yake Ƙarewa

A kasuwar filaye ta Kano, Kaduna da Abuja, akwai wata takarda da ake miƙa wa mai saye bayan ya biya kuɗi, dillali ya ce masa shi ke nan, gida ya zama nasa. Sau da yawa idan aka duba kanta, ba takardar ciniki ba ce, takardar wakilci ce, wadda lauyoyi ke kira fawa of atoni. Mutane da yawa sun ajiye ta a ƙasan akwati suna ganin sun mallaki gida, alhali abin da ta ce kawai shi ne mai gidan ya ba su izinin yin wasu abubuwa da sunansa.

Asalin aikinta ke nan. Mutum yana da ikon yin wani abu a kan dukiyarsa, amma nisa ko rashin lafiya ko yawan hidima ya hana shi, sai ya rubuta cewa ya naɗa wane ya yi a madadinsa. Duk abin da wakilin ya yi a cikin iyakar da aka shata masa, doka na ɗaukarsa tamkar mai dukiyar ne ya yi da hannunsa. Dukiyar kuwa tana nan a hannun mai ita, ba ta motsa ba.

Mu ɗauki misalin ɗan kasuwa da ke zaune a Jidda, yana da gida mai sassa huɗu a Kano da ya zuba 'yan haya. Ya rubuta wa ƙaninsa takarda cewa ya karɓi kuɗin haya, ya ba da rasit, ya yi gyare-gyare, ya ba ɗan hayar da ya ƙi biya notis, ya kai shi kotu idan ta kama. A ƙarshe lauya ya ƙara jimlar da aka saba, cewa wakili zai iya yin duk wani abin da ya dace game da gidan. Bayan shekara biyu wani ya taya gidan da tsada, ƙanin ya ga riba, ya nuna wannan jimla ta ƙarshe, ya sallama. Wannan ciniki bai tsaya a kan komai ba. Kotuna suna karanta takardar wakilci da tsantseni: abin da aka ambata da suna shi ne iko, kuma jimlar gama-gari da ta biyo baya ba ta buɗe sabuwar ƙofa, tana taimaka wa abubuwan da aka lissafa ne kurum. Izinin karɓar haya ba izinin sayarwa ba ne. Haka izinin sayarwa ba ya nufin wakili ya jinginar da gidan a banki ya ci bashi, ko ya kyautar da shi ga surukinsa. Mai sayen da ya biya ƙanin kuɗi bai karanta takardar ba, shi zai yi ta zarya a kotu yana neman a dawo masa da su.

Saboda haka ake raba takardar gida biyu. Akwai ta musamman, wadda ta taƙaita a kan aiki ɗaya, kamar sayar da fili mai lamba kaza a unguwa kaza, a kan farashin da bai gaza kaza ba. Akwai kuma ta gaba ɗaya, wadda ke damƙa wa wakili kusan dukan harkokin mutum. A ganina ta biyun ba ta dace da yawancin mutane ba. Wanda zai yi tafiyar wata shida ba ya bukatar ya ba wani ikon taɓa gonarsa da asusunsa da hannun jarinsa, don kawai yana son a riƙa karɓar masa haya.

Malamanmu ba baƙin wannan magana ba ne. Littattafan fiƙihun Malikiyya da alƙalan kotunan Musulunci ke aiki da su, irin su Mukhtasar na Shehu Khalil da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, suna da babin wakilci, kuma su ma sun bambanta wakilin da aka sakar wa komai da wanda aka keɓe wa abu guda. Sun kuma hana wakilin da aka ce ya sayar da kaya ya sayar wa kansa ba da izinin mai kayan ba. Dokar boko ma a nan ta tsaya. Idan ƙanin nan an ba shi ikon sayarwa, sai ya rubuta gidan da sunansa a kan farashin da shi ya yanke, yayansa na da damar ya warware cinikin.

Wanda zai ba da wakilci dole ya zama baligi mai hankali a ranar da ya sa hannu, kuma ya zama shi kansa yana da ikon yin abin da yake wakiltawa. Ɗaya daga cikin magada ba zai ba da wakilcin sayar da gidan gado gaba ɗaya ba, sai da hannun sauran. Wakili kuma yana iya zama ɗan'uwa, mata, aboki, lauya ko kamfani mai rajista. Ba sharaɗi ba ne ya zama lauya. Idan aka naɗa mutum biyu, a fayyace ko kowa zai iya aiki shi kaɗai ko sai sun haɗu, don idan aka yi shiru an fi ɗauka sai sun haɗu, kuma ɗaya ya yi tafiya aiki ya tsaya. Wakili ba ya naɗa wani wakilin a bayansa, sai in takardar ta yarje masa.

Wajen rubutawa akwai matakan da ake tsallakewa don gudun kashe kuɗi, daga baya a yi da-na-sani. Idan wakilin zai sa hannu a takardar miƙa mallakar fili, wadda doka ke son ta kasance mai hatimi, to takardar wakilcin ma sai ta kasance mai hatimi. Ɗan kasuwarmu na Jidda ya fi kyau ya sa hannu a gaban jami'in ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke can, ko a gaban notari. Dalili shi ne sashe na 150 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce kotu za ta ɗauka takardar wakilcin da aka sa wa hannu a gaban notari, alƙali, majistare ko jami'in jakadanci sahihiya ce, sai wanda ke musu ya kawo hujja. Idan mai bayarwa ba ya karanta Turanci, a rubuta a jikinta cewa an fassara masa da Hausa ya fahimta kafin ya dangwala yatsa, tare da sunan tafintan. Sannan a biya harajin kan sarki, idan kuma ta shafi fili a yi mata rajista a ofishin filaye na jiha, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Bankuna kuma, ko an kai musu takardar, galibi sai sun sa an cike nasu fom na ba da izini, sun tantance wakilin da kansu.

Yanzu mu koma ga waɗanda ke sayen gida da ita. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 22, ta ce mai riƙe da shahadar fili daga gwamna ba zai miƙa haƙƙinsa ga wani ba sai da amincewar gwamnan. Neman amincewar na cin lokaci da kuɗi, shi ya sa aka ƙirƙiro hanyar yanke: mai sayarwa ya naɗa mai saye wakilinsa, ya ba shi ikon zama da ginawa da sayarwa. Kotun Ƙoli ta riga ta yi magana a kan haka. A shari'ar Ude da Nwara ta 1993 ta bayyana cewa takardar wakilci ta ba da izini ce, ba ta ɗauke mallaka daga wani ta ba wani. A shari'ar Chime da Chime ta 2001 kuma ta tabbatar da cewa wanda ya ba da wakilcin sayarwa bai rasa ikon sayar da kayansa da kansa ba, muddin wakilin bai riga shi ba. Ma'anar wannan ga mai saye ba ta da daɗi: sunan da ke ofishin filaye har yanzu na wancan ne, kuma idan ba mai tsoron Allah ba ne yana iya sake sayarwa. Wanda ya biya kuɗi ya nemi takardar miƙa mallaka, ya nemi amincewar gwamna, ya yi rajista. Takardar wakilci ta zama abin riƙewa na wucin gadi kafin a kammala waɗannan.

Batun wa'adi shi ne inda aka fi yin kuskure a cikin gidaje. Wakilci na ƙarewa idan ranar da aka rubuta ta cika, ko aka gama aikin da aka bayar. Yana ƙarewa idan mai bayarwa ya soke shi, kuma yana da damar sokewa ko da yaushe ba sai ya faɗi dalili ba. Sai dai sokewar da ta tsaya a waya tsakanin wa da ƙani ba ta isa ba. A rubuta ta da irin ƙarfin da aka rubuta ta farko, a karɓe asalin takardar, a sanar da 'yan haya da banki da ofishin filaye, don ɗan hayar da ya biya tsohon wakili bai san an sauke shi ba yana da hujjar da zai kare kansa.

Yana kuma ƙarewa, ba tare da an rubuta komai ba, ranar da mai bayarwa ya rasu ko hankalinsa ya gushe. Idan ɗan kasuwar nan ya rasu a Jidda ranar Talata, ƙaninsa ya samu labari, to ranar Laraba ba shi da ikon karɓar ko sisi na haya da sunan wakilci. Gidan ya zama na magada, sai abin da kotu ta raba ko wanda aka naɗa ya kula da gadon ya zartar. Wakilin da ya ruga banki ya cire kuɗi kafin a sanar da rasuwar, ko da cewa zai yi hidimar zaman makoki da su, dukiyar marayu ya taɓa. Gushewar hankali ta fi ruɗa mutane, don a lokacin ne iyali suka fi bukatar takardar. A Ingila an yi wani nau'i na musamman ƙarƙashin dokar 2005 wanda ke ci gaba da aiki ko da tsoho ya rikice, amma takardar wakilci ta yau da kullum ba ta da wannan ƙarfi. Wanda mahaifinsa ya daina gane mutane, kotu zai nufa a naɗa mai kula da dukiyar.

Akwai togaciya guda, wato wakilcin da aka rubuta cewa ba a soke shi. Dokar Ingila ta 1882 kan miƙa kadarori, wadda jihohi da dama na Arewa da Gabas suka gada, ta tanadi hanya biyu. Idan an ba da wakilcin a kan kuɗi da aka biya, aka kuma rubuta cewa ba ya sokuwa, to wanda ya sayi kadarar daga hannun wakilin yana da kariya ko da mai bayarwa ya soke ko ya rasu. Idan babu kuɗi a tsakani, ana iya kulle shi na ƙayyadadden lokaci da bai wuce shekara ɗaya daga ranar rubutawa ba. Jihohin tsohuwar Jihar Yamma suna da makamancin wannan a dokarsu ta 1959. Rubuta kalmar “ba ya sokuwa” a saman takarda kaɗai ba ya haifar da wannan kariya. Lauyan mai saye zai duba ko an ambaci kuɗin da aka biya ko wa'adin a jikinta, ya je ofishin filaye ya ga ko an yi mata rajista ko an shigar da sokewa, sannan idan da hali ya kira mai gidan ya ji daga bakinsa cewa yana sane da cinikin.