Buhun shinkafar da ya hana masa tashi a Zangon Kwatano

Ana saura kwana biyu sunan ɗiyata, mata suka aike ni kasuwar Dantokpa in sayo shinkafa. Na hau zemijan, na zagaya rumfuna, na zaɓi wadda ta fi kowace kyau a ido: dogayen ƙwayoyi masu ruwan zuma, ba tsakuwa, ba ƙura. Na ɗauko buhu mai kilo 25 ina jin na fita kunya.

Da asubar ranar suna aka ɗora tanda. Ƙullun ya ƙi haɗuwa, ruwa a sama, gari kamar yashi a ƙasa. In an zuba sai ya kama tanda, in an zo juyawa ya wargaje. Tsohuwar da ke toya masa a layinmu ta ɗebi shinkafar a tafin hannu, ta ciza guda ɗaya, ta dube ni.

"Ɗan nan, wa ya ce maka ana masa da gumi? Wannan ai dafaffiya ce tun kafin ta shiga jirgi."

Na ce, "Inna, ita ce fa mai tsadar."

Ta ce, "Tsada ba ta tashin ƙullu."

Sai da aka sayo masa daga waje aka fita kunyar maƙwabta. Tun daga ranar na daina tambayar 'yar gida ce ko 'yar waje kafin in san abu ɗaya: an turara ta, ko ɗanya ce?

Gumi, wadda masu kanti a nan suke kira etube, ita ce shinkafar da aka jiƙa tana cikin ɓawonta, aka turara ta, aka shanya, sannan aka kai inji. Tururin nan yana dafa sitacin da ke cikin ƙwayar, in ta bushe sai ta ƙanƙame ta yi tauri kamar gilashi. Shi ya sa ba ta cika karyewa a inji ba, kuma a tukunya kowace ƙwaya tana tsayawa ita kaɗai. Ga dafa-duka, ga shinkafa da wake, wadda maƙwabtanmu na kudu suke kira atasi, ga abincin biki da zai yi awa huɗu a kula bai caɓe ba, babu kamarta. Amma wannan taurin shi ne ya kashe min masa. Gumi ko ta kwana a ruwa ba ta yin laushin da za ta niƙu suɓul, kuma ƙullunta ba ya riƙe iskar da yis ke fitarwa. Tuwo ma haka, kana tuƙawa tana warwarewa.

Ɗanya kuwa daga ɓawo sai inji, ba ta ga tururi ba. Sitacinta yana nan yadda Allah ya yi shi, yana fita ya yi danƙo. Ita ce ta masa, sinasir da tuwon shinkafa. Gane su ba wuya. Ka ɗaga ƙwayar a haske: gumi tana da ruwan ɗorawa-ɗorawa, haske na ratsa ta, ɗanya fara ce, wata da farin alli a cikinta. Ka tura hannu cikin buhu: ɗanya tana barin farar ƙura a tafi. Ka ciza: ɗanya ta fashe ta zama gari, gumi kuwa sai ka ji haƙori na neman agaji.

Wani zai ce, me ya cika kasuwarmu da gumi alhali mutanen Kwatano sun fi cin fara? Ai ba don mu ake sauke yawancinta ba. Gumin Indiya da ta Tailan da ke shigowa tashar jiragen ruwa ta nan, akasarinta Najeriya ta nufa, inda ita ake so. Duk wanda ke Zango ya tuna watan Agustan 2019, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, har zuwa Disambar 2020: buhuna sun yi ta zama a sito. A Yulin 2023 kuma Indiya ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba, muka ji a aljihunmu. Mu Hausawan nan mun faɗa tsakiya, don tukunyarmu tana buƙatar duka biyun.

Bayan wannan sai lambar da ke jikin buhu: 5%, 25% ko 100%. Yawan karyayyun ƙwayoyin da ke ciki ke nan. Ni da na ɗauka ƙaramar lamba ita ce mai kyau a kowane hali. Ashe in tuwo ko masa za a yi, biyan kuɗin mai 5% asara ce, tunda niƙawa ko tuƙawa za a yi. Karyayyiya ta fi saurin shan ruwa, ta fi saurin nuna, ta fi danƙo, ga ta da araha. Inna mai masa ba ta sayen komai sai ita. Ga awonta: kofi 6 na ɗanya a jiƙa su kwana, kofi 1 a dafa shi ya yi luguf ya huce, a haɗa a niƙa, a sa yis cokalin shayi biyu, a rufe a wuri mai ɗumi har ƙullun ya kumbura ya yi ƙananan idanu. In dare ya yi zafi irin na Maris, ta ce kada a bar shi ya daɗe, zai yi tsami fiye da kima.

Mai ƙamshi ta Tailan, wadda ake cewa farfime, ita ma ɗanya ce, sai dai doguwa mai laushi. Matsalarta ruwa. In gumi tana shan kofi 2 ko fiye a kan kofi 1, ta yi kusan rabin awa a wuta, mai ƙamshi kofi ɗaya da rabi ya ishe ta, kuma cikin minti 15 ta nuna. Wanda ya saba da gumi ya zuba mata ruwa irin na gumi, kunu zai sauke.

To, 'yar gida fa? Ana noma ta a Malanbil, can bakin kogin Kwara, da Gilazuwe a tsakiyar ƙasa, da fadamun Kobe. Irin da ya fi shahara shi ne IR 841, kuma yana da ƙamshi nasa. Ni dai a bakina, sabuwar ɗanyar Malanbil ta fi kowace 'yar waje daɗin tuwo, don ta waje ta yi watanni tsakanin sito da teku, ƙamshinta ya ragu. Amma sabuntar tana da sharaɗi: shinkafar da ba ta daɗe da girbi ba ba ta son ruwa da yawa, tana saurin caɓewa, kuma ba ta auki kamar tsohuwa. Shi ya sa masu sayar da abinci a bakin titi suke gudunta. Su kwano nawa tukunya za ta fitar suke lissafi.

In gumin gida za ka saya, ka duba aikin mai turarawa. Ka shinshina tukuna: warin tsami alama ce ta cewa ta daɗe a ruwan jiƙo. Ƙwayoyi baƙaƙe ko masu duhu sun ƙone ne a gindin tukunya. In kuma ka ga farin ɗigo a tsakiyar ƙwaya, tururi bai kai ciki ba, za ta nuna rabi da rabi. Tsakuwa kuwa daga shanya a ƙasa take zuwa. Ƙungiyoyin matan Gilazuwe da Malanbil da suka samu kayan turarawa na zamani ta hannun cibiyar binciken shinkafa ta Afirka, wadda ta zauna nan Kwatano daga 2005 zuwa 2015, suna fitar da mai tsabta a ƙulle cikin leda. Wadda ake aunawa a kwano kuwa, har yanzu sai an rege ta a ƙwarya.

Ragowar buhun nan nawa bai lalace ba. Mun yi wata biyu muna cin dafa-duka da atasi. Da azumi ya matso na koma Dantokpa, na ce wa mai rumfa ya auna min kwano ɗaya kawai na karyayyiyar ɗanya, na kai wa Inna ta gwada. Sai da ta aiko yaro da masa biyar a leda, masu taushi da ramuka a ciki, sannan na koma na ɗauki buhun.