Zani uku ga kowane gado: lissafin wanki a ƙaramin otal

Mai otal da ya sayi zannuwa daidai da yawan gadajensa bai gama saye ba. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce kashi uku: ɗaya a kan gado, ɗaya a wurin wanki, ɗaya a goge a ajiye cikin sito. A ce otal ne mai ɗaki 12, gado ɗaya a kowane ɗaki, kuma zani biyu ake shimfiɗa wa gado. Shimfiɗa guda ta cinye zani 24, kashi uku kuwa 72 ke nan. Haka za a lissafa tawul da rigar filo. Idan a waje ake kai wanki, ko kuma damina ta kankama shanya ba ta bushewa a yini guda, sai a ƙara kashi na huɗu, su zama 96.

Ba almubazzaranci ba ne. Inda zani ya yi kaɗan, baƙo na jira a bakin kanta, mai wanki na gaggawa, sai ya haɗa komai ya tsoma a ruwan zafi, ya bi da dutsen guga. A nan ne tabo ke zama daram, domin zafi kama shi yake yi. Shi ya sa nake ganin mai gyaran ɗaki ce ya kamata ta fara dubawa: tana yaye zani ta ɗaga shi a haske, mai tabo ta ƙulle masa gefe ta ware shi daban.

Kowane tabo da maganinsa. Jini ruwan sanyi yake so, a ɗauraye nan take kafin a sa sabulu. Ruwan zafi dafa shi yake yi a cikin zare. Manja da jan baki maiƙo ne, don haka a ɗiga musu sabulun wanke kwano, a bar shi ya ɗan jiƙa, sannan a wanke da ruwan ɗumi.

Tsatsa ce ke yaudarar mutane. An ga ja-ja a farin zani sai a ɗauko bilic, alhali bilic ƙara kama ta yake yi. Lemon tsami da gishiri za a shafa, a shanya a rana, a ɗauraye sosai. Kada a kuskura lemon ya haɗu da bilic, domin iskar da ke tashi tana cutar da huhu. Idan kuwa fararen zannuwa gaba ɗaya suka fara komawa ruwan ɗorawa, a binciki ruwan burtsatsen gidan, wataƙila yana ɗauke da sinadarin ƙarfe.

A sito, sabon wanki ya shiga ƙasa, a riƙa ɗauka daga sama, don zannuwan su tsufa tare. A ƙirga su duk ƙarshen wata. Wanda tabonsa ya ƙi fita a yanka shi tsumman goge-goge, a rubuta a littafi, a sayo madadinsa kafin kashi ukun ya koma biyu.