Yanka Doguwar Lacca Zuwa Gajerun Guntaye: Matsalar Muhalli da ta Rubutun Ƙasan Hoto

1.0 Gabatarwa

Laccar da aka ɗauka a bidiyo takan kai minti 90 ko fiye, alhali kuwa kafofin sada zumunta gajeren abu suke karɓa. Ko YouTube sai a watan Oktoban 2024 ne ta ƙara tsawon gajerun bidiyoyinta daga sakan 60 zuwa minti uku. Wannan ne ya sa ake tsakuro guntaye daga lacca, a yi musu rubutu a ƙasan hoto domin mai kallon da bai kunna murya ba. Ana ɗaukar aikin a matsayin na ma'aikacin na'ura kawai, amma mafi yawan ɓarnar da ke aukuwa a cikinsa ta harshe ce. Wannan maƙala za ta bi misali guda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe domin nuna inda ma'ana takan salwanta.

A ƙaddara wani malamin tarihi ya gabatar da laccar minti 90 da Hausa a kan kafuwar daulolin ƙasar Hausa, aka kuma nemi a fitar da guntaye biyar daga ciki, kowanne bai wuce minti ɗaya ba.

2.0 Zaɓen wurin yanka

Aikin yakan fara ne a kan takarda. Ana juyar da laccar baki ɗaya zuwa rubutu, a riƙa sa lokaci a gefen kowace jimla, sannan a karanta da alƙalami a hannu ana neman wuraren da magana ta tsaya da ƙafarta. Wanda ya tsallake wannan mataki, ya shiga jan bidiyo gaba da baya yana neman inda murya ta ɗaga ko aka yi tafi, zai sami wuri mai armashi, amma ba lallai ne ya sami cikakkiyar magana ba.

A laccar da ake misali da ita, a minti na 41 malamin ya faɗi haka:

(1) Abin da aka saba ji shi ne, wai wani jarumi ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Barno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri sarauniyar Daura.

(2) Ba Bayajida ne ya kafa daulolin Hausa ba.

(3) Ai labarin da kansa ya ce ya tarar da sarauniya a kan mulki, ya kuma tarar da maƙera suna sana'arsu.

Waɗannan jimloli uku magana ɗaya ce, kuma mahawara ce sananniya tun bayan da Abdullahi Smith ya yi jayayya da ɗaukar labarin a matsayin tarihi tsantsa a 1970. Jimla ta (1) ita ce mafi daɗin ji, don haka ita mai yanka yakan fi kwaɗayi. Idan ya fara guntun daga "wani jarumi ya taso", ya watsar da "abin da aka saba ji" da kuma "wai", to ya mayar da labarin da malami ya jingina wa wasu ya zama nasa. Kalmar "wai" gaɓa ɗaya ce tak, amma ita ce katangar da ke tsakanin mai ruwaito magana da mai ita. Haka lamarin yake ga "suka ce", da "a ganinsu", da "in da a ce". Duk inda ɗayansu ya buɗe magana, ikonsa yakan ratsa jimloli da dama, kuma ba a yanka a tsakiyar wannan iko.

Jimla ta (2) ta fi hatsari, saboda korewa irin wannan a Hausa ƙafa biyu gare ta, ɗaya a farkon jimla, ɗaya a ƙarshe. A nan kuma an yi katari "ba" ta farko ta faɗo dab da sunan da ya fara da "Ba". Mai tsaftace murya, wanda ya saba cire in'ina da maimaici, yana iya jin "ba-ba" ya ɗauka harshen malam ne ya sarƙe, ya goge ɗaya. Abin da zai rage shi ne:

(4) Bayajida ne ya kafa daulolin Hausa ba.

Mai sauraro ba zai ji wannan a matsayin karyayyar jimla ba. Zai ɗauki "ba" ta ƙarshe a matsayin wadda ake liƙawa domin neman tabbaci, kamar a "ka gane ba?". Ke nan an juya maganar malami ta koma kishiyarta, da muryarsa da fuskarsa, kuma guntun zai yi ta yawo a wayoyin mutanen da ba za su taɓa ganin laccar ba. Abin da zai kuɓutar da mai yanka shi ne kunne: "ba" ta korewa a nan doguwa ce mai karin sauti ƙasa, in'ina kuwa takan maimaita gaɓar sunan ne yadda take. Saboda haka ya kamata a bar rabin sakan na shiru kafin kalmar farko ta kowane guntu, kada a yanka dab da bakin magana.

Akwai kuma batun wakilin suna. Guntun da ya fara da "shi ya sa suka ƙi yarda da shi" bai gaya wa kowa ko su wane ne suka ƙi, ko mene ne aka ƙi ba. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a miƙa rubutun guntun ga wanda bai halarci laccar ba, a ce ya faɗi abin da malam yake nufi. In ya tambayi "su wa?", sai a ja farkon guntun baya har a riski sunan, ko a sa gajeren take a saman hoto.

Bisa wannan, guntun ya fara daga 00:41:07,500, ya ƙunshi jimlolin uku da bayanin da ya biyo su, ya ƙare bayan sakan 58.

3.0 Rubutun ƙasan hoto

Ana ajiye rubutun ne a fayil mai suna SRT, wanda kowane yankinsa ke ɗauke da lamba, da lokacin bayyana da na ɓacewa, da kuma kalmomin. Lokutan da ke cikin rubutun babbar lacca ba za su yi aiki a guntu ba sai an ɗebe lokacin farawa daga kowanne. Jimla ta (2) ta zo a 00:41:29,000, don haka idan aka ɗebe 00:41:07,500 za ta faɗo a sakan 21 da rabi:

```
8
00:00:21,500 --> 00:00:24,000
Ba Bayajida ne ya kafa
daulolin Hausa ba.
```

Sakan biyu da rabin da aka ba ta ba da ka aka yanke shi ba. Layukan biyu suna da haruffa 40 idan aka haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kuma masu wannan sana'a sukan auna saurin karatu da haruffa 15 zuwa 17 a sakan ɗaya. In aka raba 40 da 16, za a sami biyu da rabi. Wannan ma'auni daga wasu harsuna aka aro shi, don haka inda malam ya ɗan yi shiru bayan jimla, gara a bar rubutun ya ƙara jimawa.

Abin lura shi ne cewa ƙafafun korewar duka biyu suna kan allo a lokaci guda. Haka ya kamata a yi duk inda jimla ta ba da dama. Wajen karya layi ma nahawu ne jagora: ba a raba lamirin suna da aikatau, a bar "ya" a sama, "kafa" a ƙasa, ba a raba "ne" da sunan da take ƙarfafawa, ba a kuma tsinka "daulolin" daga "Hausa", tun da mahaɗin "-n" yana jiran abin da zai biyo shi.

Haruffa masu ƙugiya su ne matsala ta gaba. Dole a adana fayil ɗin a tsarin UTF-8, a kuma zaɓi zubin haruffan da ke da ɓ, ɗ da ƙ, irin su Noto Sans, ko Andika, ko Charis SIL. Alamar kuskuren tsari ita ce harafi ɗaya ya rikiɗe ya zama baƙaƙe biyu marasa ma'ana. Alamar rashin harafi a zubi kuwa ita ce ɗan akwati fanko, ko harafin ya fito da siffar da ta saɓa wa sauran. Wasu sukan guje wa wahalar su rubuta k, d, b zalla. A lacca irin wannan, inda "kafa" da "ƙafa", ko "kasa" da "ƙasa" za su iya haɗuwa a jimla ɗaya, wannan sakaci ne. Wanda ya kashe murya ba shi da abin dogaro sai rubutu, kuma rubutun Hausa na yau da kullum dama bai nuna karin sauti da tsawon wasali ba, to bai dace a ƙara rage masa wani bambanci ba.

Idan malamin Basakkwace ne ya ce "shina zuwa" ko "tahiya", sai a yanke shawara tun farko: ko a rubuta yadda ya furta, ko a mayar "yana zuwa" da "tafiya". Ga laccar tarihi, Daidaitacciyar Hausa ta fi amfani ga masu karatu. Ga laccar da karin harshe ne batunta, daidaitawa share hujja ce. Abin da ba ya halatta shi ne cakuɗa hanyoyin biyu a guntaye biyar na mutum ɗaya.

4.0 Yankan kansa

An ɗauki laccar a kwance, faɗi 1920 tsawo 1080, wayar hannu kuwa a tsaye ake riƙe ta, a ma'aunin 9:16. Idan aka riƙe tsawon 1080, faɗin da zai dace 608 ne, wato ƙasa da sulusin hoton asali. Allo ko taswirar da malam yake nunawa a gefe za su fita, kuma duk jimlar da ta ce "ku dubi nan" ta rasa abin nuninta. Irin wannan wuri a bar shi a kwance, ko a haƙura da shi. Da manhajar FFmpeg, umarni ɗaya ya isa:

```
ffmpeg -ss 00:41:07.5 -t 58 -i lacca.mp4 -vf "crop=608:1080,scale=1080:1920,subtitles=guntu3.srt" guntu3.mp4
```

Wannan yana ɗauko tsakiyar hoton, ya faɗaɗa shi, ya kuma dasa rubutun a jikinsa. Dasawar tana da muhimmanci, domin bidiyon da aka tura ta WhatsApp ba ya tafiya da fayil ɗin SRT. Illarta ita ce ba a gyara kuskuren rubutu bayan an saki guntu, don haka karatun gyara kafin wannan mataki yake zuwa.

Akwai hanya mai sauri ta yanka da `-c copy`, wadda ba ta sake sarrafa hoton. Sai dai bidiyo ba ya ajiye cikakken hoto sai jefi-jefi, wani lokaci bayan sakan biyu, wani lokaci har goma, sauran duk bambance-bambance ne da aka ɗora a kansa. Yanka ta wannan hanya yakan koma ga cikakken hoton da ya gabata, sai guntu ya fara kafin inda aka nufa, rubutu kuma ya riga magana da tazara iri ɗaya daga farko har ƙarshe. In kuwa tazarar ƙaruwa take yi a hankali, to saurin hotunan na'urar da ta ɗauka ne ba daidaitacce ba, abin da aka fi gani a bidiyon wayar hannu.

Ƙasan allo da gefen dama nan ne TikTok da Instagram suke ɗora sunan mai shafi da maɓallansu, don haka a ɗaga rubutun sama kaɗan. A saman hoto kuma a sa sunan malami da taken lacca da shekararta, sannan a nuna masa guntayen biyar ya amince kafin a sake su.