Sabon kamasho: yadda ake faɗa wa masu tallan kaya ba tare da rigima ba

A Kasuwar Singa da ke Kano, dila mai sayar da taliya, sukari da sabulu ba a bakin shago kaɗai yake ciniki ba. Yana da yaran da ke zagaya unguwanni da ƙauyuka a kan babur, suna karɓar oda daga masu kantuna, suna kai kaya, suna karɓo kuɗi. Da yawansu albashinsu bai taka kara ya karya ba, kamasho ne abincinsu. Shi ya sa ranar da maigida ya ce zai sauya tsarin kamasho, abu ɗaya kowannensu ke son ji: a kan cinikin da na saba yi, nawa zan samu yanzu? Sanarwar da ba ta amsa wannan da lissafi ba, ba ta faɗi komai ba.

Bari mu ɗauki misali. A ce dila yana biyan naira 2,000 a kan kowace naira 100,000 ta kayan da yaro ya fitar, wato kashi 2 cikin ɗari, ana biya duk ƙarshen wata. Sai ya lura bashi ya yi masa katutu, domin yara suna zuba wa masu kantuna kaya don kamasho ya hau, ba ruwansu da ko kuɗin zai dawo. Ya kuma ga mai ƙoƙari da mai ja da baya duk farashi ɗaya ake biyan su. Sai ya yanke shawara uku: kamasho zai koma kan kuɗin da ya shigo, ba kayan da suka fita ba, za a riƙa lissafi wata uku-uku maimakon wata-wata, kuma taget ɗin kowane yaro a wata ukun naira miliyan 9 ne, da matakai. Daga farko zuwa miliyan 6, naira 1,500 a kan kowace dubu ɗari. Daga miliyan 6 zuwa 9, naira 2,500. Abin da ya haura miliyan 9, naira 4,000.

A nan ne gizo ke saƙar. Idan takarda ta ce kawai "wanda ya wuce miliyan 9 zai samu kashi 4", yaron da ya kawo miliyan 10 zai buga lissafinsa a waya ya ga naira 400,000. Maigida kuwa nufinsa kashi 4 ɗin a kan miliyan ɗayan da ta haura ne kaɗai. Lissafinsa shi ne: miliyan 6 na farko sun ba da 90,000, miliyan 3 na tsakiya 75,000, miliyan ɗaya ta sama 40,000, jimla 205,000. Tsakanin abin da yaro ya sa rai da abin da za a miƙa masa akwai naira 195,000, kuma ba wanda zai gano haka sai bayan wata uku, lokacin da yaron ya riga ya ci bashi a kan kuɗin da ba za su zo ba. Ba wanda ya yi ƙarya, amma yaron zai fita yana cewa an cuce shi, kuma abokansa za su yarda da shi. Don haka dole takarda ta ce a fili: "Kowane mataki ana lissafa shi ne a kan kuɗin da ya faɗa cikinsa kaɗai," sannan a rubuta lissafin miliyan 10 ɗin layi-layi a ƙasa.

Misali ɗaya bai isa ba, kuma a nan masu gida da yawa ke yin wayon da ke komawa kansu. Sukan zaɓi misalin gwarzo: wanda ya kawo miliyan 12 da can 240,000 zai samu, yanzu 285,000. Gaskiya ne, amma mutum nawa ke kawo miliyan 12? Wanda ya tsaya a miliyan 6 da can 120,000 yake samu a wata ukun, yanzu 90,000, ya yi asarar 30,000. Kai, ko wanda ya cika taget cif, miliyan 9, zai karɓi 165,000 maimakon 180,000. Sabon tsarin ba ya kamo tsohon sai an kai miliyan 9 da dubu 750, inda duka biyun ke ba da 195,000. A ganina wannan adadin shi ya fi cancantar a rubuta da manyan baƙaƙe, domin ko an ɓoye shi, akwai mai kaifin lissafi a cikin yaran da zai gano shi kafin la'asar. Dilan da ya ji nauyin nuna wannan misalin, to matakan nasa ne ke buƙatar gyara tun kafin a kira taro.

Sai batun lokaci. "Wata uku" ba magana ba ce sai an sa ranaku: daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris, kuɗin da ya shiga asusu bayan ranar ya tafi zango na gaba. Wanda ya saba karɓar kamasho duk wata ba zai iya jiran wata uku ba, ga cefane ga man babur. Mafita mai sauƙi ita ce a riƙa biyan matakin farko, 1,500 ɗin nan, duk ƙarshen wata, a cika ragowar a ƙarshen zango, a kuma faɗi ranar biya. A tuna kuma zanguna ba ɗaya ba ne. Wanda azumi ya faɗo a cikinsa sukari da madara suna tafiya da kansu, kuma azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka taget ɗin da aka ɗauko daga cinikin bara yana iya zama na zangon da ba shi ba.

Akwai tambayar da kusan kullum ake mantawa har sai wani ya ɗaga hannu: "Alhaji, kayan da na bayar bashi a Disamba, kuɗin ya shigo a Janairu, a wane tsari za a biya ni?" Idan an riga an biya shi kamashon kayan a Disamba a tsohon tsari, bai kamata kuɗin ya sake shiga lissafin sabon zango ba, kuma a faɗi haka tun farko. Haka kayan da mai kanti ya dawo da su: a bayyana cewa za a cire su, da kuma daga wane zango. Abin da ba shi da kyau ko kaɗan shi ne a sanar ranar 10 ga wata a ce tsarin ya fara tun ranar 1. Aikin da aka yi a kan tsohon alkawari, da tsohon alkawari ake biyan sa.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ce idan an sauya sharuɗɗan aikin ma'aikaci a sanar da shi a rubuce cikin wata ɗaya. Sai dai ma'anar "ma'aikaci" a dokar ta ware wakilan ciniki da ke aikinsu a wajen harabar kamfani, don haka irin waɗannan yaran, yarjejeniyar da ke tsakaninsu da maigida ce madogararsu idan rigima ta tashi. Wannan ya sa saƙon murya a WhatsApp bai wadatar ba. A kira taro wata guda kafin ranar farawa, a karanta takardar da Hausa, a ba kowa kwafi ya sa hannu. Bayan taron, akawu ya zauna da kowane yaro shi kaɗai, ya ɗauko ainihin cinikinsa na wata ukun da suka wuce, ya buga masa shi a tsohon tsari da sabo, ya bar shi ya sake bugawa da hannunsa. Idan amsar yaron ta saɓa da ta akawu, akwai layin da ya kamata a sake rubutawa a takardar kafin 1 ga Janairu.