Lissafi Hamsin Domin Hasashen Rana Ɗaya

Manyan cibiyoyin hasashen yanayi ba sa dogara da lissafi guda. Sukan sa kwamfuta ta maimaita lissafin sau da yawa, kowanne da ɗan bambanci a mafarinsa, sannan su duba ko amsoshin sun haɗu ko sun watse.

Abin da ya jawo haka shi ne ba a taɓa auna yanayin yau daidai-wa-daida. Tashoshin awo sun yi ƙaranci a kan teku da cikin hamada, kuma kowane ma'auni yana da ɗan kuskurensa. A 1963 masanin Amurka Edward Lorenz ya nuna cewa irin wannan ƙaramin kuskure yana girma a hankali, har ya lalata hasashen gaba ɗaya.

Cibiyar hasashen Turai, ECMWF, ta fara aiki da wannan dabara a 1992. Tana gudanar da lissafi 51 na kwana 15. Ɗaya yana farawa da mafi ingancin awon da aka samu, sauran 50 kuma an ɗan taɓa musu zafi da ƙarfin iska da makamantansu, gwargwadon kuskuren da awo zai iya yi. A kwana na farko da na biyu amsoshin kan yi kusa da juna, daga baya kowanne ya kama gabansa. Faɗin tazarar da ke tsakaninsu shi ne ma'aunin shakka. Idan sun taru wuri ɗaya, hasashen abin dogaro ne. Idan sun watse, sai a yi hattara.

Daga nan ake fitar da kaso. In lissafi 35 cikin 50 sun nuna ruwan da ya haura milimita 10 a wani gari, yiwuwarsa kashi 70 cikin ɗari ke nan. Ana gwada gaskiyar alƙalamin ta tara ranakun da aka faɗi kashi 70, a ga ko ruwan ya sauka a kusan bakwai cikin goma.

Guguwar Sandy ta Oktoban 2012 misali ce mai kyau. Kimanin mako guda kafin ta iso, layukan hanyarta a taswira sun rabu biyu: wasu sun kai ta tsakiyar tekun Atlantika, wasu sun karkato da ita yamma zuwa gaɓar Amurka. Da kwanaki suka matso, layukan suka tattaru a hanyar yamma, kuma ranar 29 ga wata ta afka wa jihar New Jersey.

Sai dai haɗuwar amsoshi ba tabbaci ba ce, kuma a nan ya fi kamata a lura. Dukkansu daga tsarin lissafi ɗaya suka fito, don haka in tsarin yana da aibi, tare za su kauce. Matsalar ta yi tsanani a yankin Sahel, inda ruwan damina ke zuwa da hadarin da kwamfuta ba ta iya kwaikwayonsa sosai. Shi ya sa masana ke gyara kason da bayanan ruwan shekarun baya, su kuma kwatanta shi da na wasu cibiyoyi kafin a sanar da jama'a.