Albarka ba gaba ba ce: yadda 'yan sari a Bauchi ke mayar da tayi ba tare da ɓata hulɗa ba

BAUCHI: A al'adar cinikin Hausawa, idan mai saye ya yi tayin da bai gamsar ba, mai kaya yakan ce "albarka", kuma ba wanda zai riƙe wani a rai. Amma idan mai kaya ne ya kawo hajarsa da kansa, ya rage farashi, ya kuma yarda da biya daga baya, to mai saye ba shi da wata kalma guda da za ta fisshe shi. Wannan ita ce matsalar da 'yan sari na kasuwannin Muda Lawal da Wunti a birnin Bauchi suke fuskanta a duk lokacin da wani babban ɗan kasuwa daga Kano ya yi masu tayin kayan da suka fi ƙarfinsu.

Al'amarin ya ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da sakin darajar naira a watan Yuni na wannan shekara, farashin kayan abinci ya yi ta hawa, har ya zama duk wanda ya tara kaya ya ci riba. A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da wani nau'in shinkafa na tsawon kwana 150. A cikin 2025 farashin hatsi ya sauko ƙwarai, waɗanda suka cika ɗakunan ajiya da kaya masu tsada kuwa suka tafka asara. Darasin da aka koya shi ne, ba kowace rangwame ce riba ba.

Ga misali da ƙididdigar da aka ƙaddara domin bayani. Wani ɗan sari a Muda Lawal yana sayar da buhu 60 na shinkafa a mako. Mai ba shi kaya a Kano ya yi masa tayin tirela guda, wato buhu 600 masu nauyin kilo 50, a kan naira 60,000 kowane buhu, bayan ya rage masa naira 1,500 daga farashin kasuwa. Sharaɗin shi ne ya biya rabi nan take, sauran naira miliyan 18 kuma bayan mako huɗu.

A ido tayin yana da kyau, domin rangwamen ya kai naira 900,000. Sai dai a mako huɗu buhu 240 kawai zai fita. Ko da ya sayar da kowanne a naira 62,000, abin da zai shigo bai cika naira miliyan 15 ba, alhali ana bin sa miliyan 18. Sauran buhu 360 kuma za su jira mako shida. Idan kaka ta shigo a wannan tsakani, farashi ya sauka da naira 3,000 a buhu, asarar za ta haura naira miliyan ɗaya, ta cinye rangwamen gaba ɗaya. Wannan tayi ne da ya kamata a mayar. Abin tambaya shi ne ta yaya.

Kuskure na farko da ake yawan yi shi ne a taya kayan da arha ainun, da fatan mai kaya ya ce albarka, kowa ya kama gabansa. Wannan dabara tana da haɗari. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanen arewacin Nijeriya suke bi, ciniki yana ƙulluwa ne da furucin ɓangarorin biyu, ba sai sun tashi daga wurin zama ba. Mai kayan da kuɗinsa suka maƙale yana iya cewa ya sallama, shi ke nan ciniki ya faɗa. Daga nan ba sauran mafita sai roƙon a warware, wanda kuma yardar mai kaya ce. Saboda haka wanda ba ya nufin saye, kada ya taya.

Kuskure na biyu shi ne shiru, ko "zan neme ka" wadda ba ta da rana. Mai kaya yana iya tsare tirelar kwana uku yana jira, ya sallami wani mai saye, farashi kuma ya motsa. Wannan asarar ce take ɓata zumunci, ba ƙin sayen ba. Amsa a ranar da aka yi tayi, ko washegari, ta fi kowane irin lallashi daraja.

Na uku shi ne ƙarya. Wanda ya ce ba shi da kuɗi, sa'an nan aka ga mota tana sauke masa kayan wani, ya rufe ƙofa da hannunsa. Direbobin da ke bin hanyar Ningi zuwa Kano da 'yan dako da dillalai duk sun san juna, labari kuma ba ya kwana. Haka nan ɗaukar farashin da aka ba mutum a asirce ya kai wa abokin gogayyar mai kayan domin neman ragi, cin amana ake ɗaukarsa.

Hanyar da ta fi dacewa tana da sauƙi. Ɗan sarin ya kira da kansa, kada ya aika yaron shago, musamman idan mai kayan ya girme shi. Bayan gaisuwa ya yi godiya da aka tuna da shi, sa'an nan ya faɗi dalilin da ya shafi shagonsa, ba aibin kaya ba. Yana iya cewa, "Alhaji, kasuwata ba ta ɗaukar buhu 600 kafin wa'adi, kuma ina jin nauyin ranar biya ta zo in ba ka haƙuri." Irin wannan magana tana nuna wa mai kaya cewa dukiyarsa ake karewa.

Sai dai daɗin baki kaɗai ba ya riƙe ƙofa. Abin da ke riƙe ta shi ne a ajiye wani abu takamaimai. A misalin da ya gabata, ɗan sarin yana iya neman buhu 120 kuɗi hannu a farashin kasuwa, ko ya nemi izinin haɗa wasu 'yan sari biyu su raba tirelar, ko ya yanke lokaci, kamar mako biyu bayan sabuwar shinkafa ta shigo, ya kuma kira a ranar ko da ba a tuna masa ba. Idan akwai ragowar tsohon bashi, wannan ne lokacin biyansa, domin ƙin sabon kaya da tsohon bashi a wuya yana kama da shirin gudu. Dillalin da ya haɗa zancen ba shi da la'ada tunda ciniki bai faɗa ba, amma ɗan abin goro da bayani yana sa ya sake kawo labari gobe.

Abin yana da iyaka. Mai kaya yana iya ƙin raba tirela, tunda kuɗin mota a kan kowane buhu yana ƙaruwa idan kaya kaɗan ne. Wanda kuma ya mayar da tayi sau uku a jere ba tare da ya sayi komai ba, kada ya yi mamaki idan an ba wani gurbinsa.

Ana gane matsayin hulɗa daga abin da ya biyo baya. Idan mai kaya ya ci gaba da sanar da sabon farashi, yana kuma ɗaukar waya da kansa, ƙofa tana buɗe. Idan ya koma neman kuɗi hannu a inda da yake ba da bashi, ko ya riƙa haɗa mutum da yaransa, to akwai gyara. A irin wannan hali 'yan kasuwa sukan yi tattaki zuwa Kano da ƙaramin ciniki a hannu, domin zumunci a ƙafa yake.